Layi nawa giraf zai ɗauka kafin alwatika ta zama dole?

*"Malam, barka da aiki. An ba mu aikin gida a darasin giraf: idan akwai ɗigo n, layi nawa ne mafi yawa da za a iya ja tsakaninsu ba tare da an samu alwatika ba? Na gwada da ɗigo biyar, wani zanen ya tsaya a layi 5, wani ya kai 6. Da ɗigo shida na kai 9 na kasa ƙarawa. Ta yaya zan tabbatar ba wanda zai wuce nan, tunda ba zan iya zana duk giraf ɗin duniya ba?"*

Barka kadai, ɗan'uwa. Lambobin da ka samu daidai ne, 6 da 9 su ne iyaka. Amsar gaba ɗaya ita ce n²/4, idan kuma rabawar ta bar ragowa sai a yar da ita. Masu lissafi suna rubuta ta ⌊n²/4⌋. Ɗigo biyar: 25/4, wato 6 da kwata, a yar da kwatan, saura 6. Ɗigo shida: 36/4, wato 9 cif. Ɗigo bakwai 12, ɗigo goma 25, ɗigo ɗari 2500. Ana kiran wannan ƙa'idar Mantel, da sunan Willem Mantel, masanin lissafi ɗan ƙasar Holan, kuma ta fito a 1907.

Mu daidaita kalmomi tukuna. Giraf ɗin da muke magana a kai shi ne wanda layi ɗaya tak ke iya haɗa ɗigo biyu, kuma ba layin da ke fita daga ɗigo ya komo kansa. Wannan sharaɗi wajibi ne, don in an yarda a ja layi biyu ko uku tsakanin ɗigo biyu, sai ka yi ta jera su har ka gaji ba ka ga alwatika ba, tambayar ma ta mutu. Ɗigo biyu da layi ya haɗa zan kira su maƙwabta. Alwatika kuwa ɗigo uku ne da kowanne maƙwabcin sauran biyun ne. Yadda zanen ya fito a takarda bai da tasiri: layuka uku na iya gittawa su yi siffar alwatika a ido, amma muddin ba ɗige-ɗigen giraf ne a kusurwoyin ba, wannan ba ita muke nufi ba.

Aikin kashi biyu ne, kuma ɗalibai da yawa ɗaya suke yi su ajiye biro. Dole ka nuna akwai giraf da ya kai wannan adadi, sannan ka nuna babu wanda ya wuce shi.

Giraf ɗin da ya kai iyaka

Ka raba ɗige-ɗigen gida biyu. Ka ja layi daga kowane ɗigo na gidan farko zuwa kowane ɗigo na gida na biyu, amma kada ka haɗa 'yan gida ɗaya. Kamar yadda ake haɗa wasa a filin dambe ne: ɗan Kudu yana karawa da ɗan Arewa, amma ba a haɗa ɗan Kudu da ɗan'uwansa na Kudu. A irin wannan giraf alwatika ba ta da wurin zama. Ɗauki kowane ɗigo uku, tunda gida biyu ne kawai, dole biyu daga cikinsu su zama 'yan gida ɗaya, su kuwa ba layi tsakaninsu.

Idan gida ɗaya na da ɗigo a, ɗayan na da n − a, layukan sun zama a(n − a). Gwada da bakwai. Rabon 1 da 6 ya ba da layi 6, rabon 2 da 5 ya ba da 10, rabon 3 da 4 ya ba da 12. Duk yadda gidajen suka matso kusa da juna a girma, layukan ƙaruwa suke yi. Dalilin yana cikin wannan daidaito, wanda za ka iya buɗewa ka duba da kanka:

a(n − a) = n²/4 − (a − n/2)²

Abin da ake cirewa a hannun dama lamba ce da aka ninka da kanta, ba ta taɓa yin ƙasa da sifili. Saboda haka a(n − a) ba ya wuce n²/4. Idan n na rabuwa biyu daidai, sai a ɗauki a = n/2, a cire sifili. Idan ba ya rabuwa, mafi kusa da za a iya shi ne a bar rabi tsakanin a da n/2, a cire kwata, a samu (n² − 1)/4. Ga bakwai, 48/4, wato 12. Ina kyautata zaton giraf ɗinka mai layi 9 rabon 3 da 3 ne, ko da ba ka zana shi a gida biyu ba. Za ka ga dalilin da ya sa nake da wannan ƙarfin gwiwa nan gaba kaɗan.

Hujjar cewa ba mai wucewa

Ga inda damuwarka take, ta yadda za a yi hukunci a kan giraf ɗin da ba a zana ba. Dabarar ita ce a ɗauki giraf ko wane iri, ba mu san komai game da shi ba illa abu biyu: ɗigonsa n ne, kuma ba shi da alwatika. Duk abin da muka fitar daga waɗannan biyun kaɗai ya hau kan kowane giraf mai irin wannan hali.

Rashin alwatika yana faɗa mana abu guda mai sauƙi: maƙwabtan ɗigo ɗaya ba sa maƙwabtaka da juna. Idan x da y duk maƙwabtan v ne, sannan aka ja layi tsakanin x da y, to v, x, y sun rufe alwatika. Hujjar duka a kan wannan jimla take tsaye.

A cikin giraf ɗin, nemo ɗigon da ya fi kowa yawan maƙwabta. In sun yi kunnen doki, ɗauki kowanne. Mu kira shi v, yawan maƙwabtansa kuma D. Yanzu mu raba ɗige-ɗigen gida biyu da kanmu. Gidan A shi ne maƙwabtan v, su D ne. Gidan B shi ne duk sauran, har da v kansa, su n − D ne.

A cikin gidan A babu layi ko ɗaya, saboda abin da muka faɗa yanzu. Wannan na nufin kowane layi a giraf ɗin yana da aƙalla kai ɗaya a gidan B. Ko dai ya tashi daga A ya sauka B, ko kuma kawunansa biyu duk suna B. Babu na uku.

To mu bi 'yan gidan B ɗaya bayan ɗaya, mu ƙirga layukan da ke jikin kowanne, mu tara. Tunda kowane layi ya taɓa B, babu layin da zai tsere wa wannan ƙidaya. Wasu ma sau biyu za a ƙirga su, wato waɗanda kawunansu biyu ke cikin B, amma wannan bai ɓata komai ba, don abin da muke so shi ne jimlar kada ta gaza yawan layukan. Kowane ɗan gidan B kuma layukansa ba su wuce D ba, tunda D ne mafi yawa a giraf ɗin gaba ɗaya. Idan m ne yawan layuka:

m ≤ D(n − D) ≤ n²/4

Mataki na biyu shi ne daidaiton da muka riga muka gani, an sa D a gurbin a. Kuma tunda m cikakkiyar lamba ce, ba a jan rabin layi, m ≤ ⌊n²/4⌋. Hujja ta kammala.

Na san ta yi gajarta har mutum ya ji kamar an yi masa wayo, don haka mu ɗora ta kan zanenka da ya maƙale a layi 5. Kusan tabbas zobe ne: 1–2, 2–3, 3–4, 4–5, 5–1. Kowa maƙwabtansa biyu, D = 2. Ɗauki v = 1. Gidan A shi ne 2 da 5, kuma ka duba, ba layi tsakaninsu. Gidan B shi ne 1, 3 da 4. A jikin 1 akwai 1–2 da 5–1. A jikin 3 akwai 2–3 da 3–4. A jikin 4 akwai 3–4 da 4–5. Jimla 6, daidai da D(n − D), wato 2 sau 3. Amma layukan gaskiya 5 ne, kuma ka ga inda ɗayan ya shige: 3–4 ya fito sau biyu, domin kawunansa duka a B suke. Hujjar ta nuna maka da yatsa wurin da zoben ya yi asara.

Wannan ne ya sa na fi son wannan hujja a kan sauran, kuma ita nake fara koyarwa. Tana ba da kyautar da ba a roƙa ba. Tambayi kanka: yaushe m zai kai ⌊n²/4⌋ cif? Sai in ba a yi asara a ko'ina ba. Kada a ƙirga wani layi sau biyu, wato cikin B ma babu layi. Kowane ɗan B ya kasance da maƙwabta D cif, kuma tunda ba shi da maƙwabci a B, 'yan A kuwa su D ne, dole ya haɗu da dukkansu. Sannan D ya zama rabin n ko mafi kusa da rabi. Ka ga mun komo kan giraf mai gida biyu daidaitattu. Ashe ba kawai yana kai iyaka ba ne, shi kaɗai ne ke kaiwa. Duk giraf mai ɗigo shida da layi 9 marar alwatika rabon 3 da 3 ne, komai karkacewar zanen. Ɗauki naka, zaɓi ɗigo ɗaya, shafa wa maƙwabtansa uku jan biro, za ka ga gidajen sun fito fili.

Hanyar indakshan, da ramin da ke cikinta

Mai yiwuwa malaminku hujjar indakshan yake jira, wato a tabbatar da ƙananan n sannan a nuna gaskiyar ƙarami tana jawo gaskiyar babba. Tana aiki sarai, amma ɗigo biyu ake cirewa a kowane mataki.

Ɗauki giraf marar alwatika mai ɗigo n. In ba shi da layi, ba abin tabbatarwa. In yana da shi, zaɓi layi ɗaya, u–v. Kowane ɗigo daga cikin sauran n − 2 zai iya haɗuwa da u, ko da v, ko ya ƙi duka, amma ba zai haɗu da su biyun ba, in ba haka ba ga alwatika. Ke nan layukan da ke fita daga u da v zuwa waje ba su wuce n − 2 ba. Ƙara layin u–v kansa, sun zama n − 1. Cire u da v da duk layukansu. Abin da ya rage giraf ne mai ɗigo n − 2, shi ma ba alwatika, don sharewa ba ta haifar da ita. Bisa zaton indakshan layukansa ba su wuce (n − 2)²/4 ba. Tara:

(n − 2)²/4 + (n − 1) = (n² − 4n + 4 + 4n − 4)/4 = n²/4

Ga bakwai: ɗigo biyar da suka rage suna ɗaukar 6, layukan waje 5, layin tsakiya 1, jimla 12.

Tunda tsallen biyu-biyu ake yi, tushe biyu ake buƙata. Da n = 1 layi sifili ne, daga nan a hau 3, 5, 7. Da n = 2 layi ɗaya ne, daga nan a hau 4, 6, 8. Wanda ya duba n = 1 kawai ya bar rabin lambobi ba hujja, kuma mai duba takarda zai rage masa maki da gaskiyarsa.

Babban ramin kuwa wani ne, kuma a takardun ɗalibai na fi cin karo da shi fiye da kowane kuskure a wannan babi. Ɗalibi zai rubuta: "Mu ɗauki giraf mafi yawan layi mai ɗigo n − 1, mu ƙara masa ɗigo ɗaya, sabon ɗigon ba zai haɗu da fiye da gida ɗaya ba, saboda haka…" Lissafin zai fito daidai, amsar ma daidai, amma hujjar ba ta tsaya ba. Abin da ya nuna shi ne iyakar giraf ɗin da aka gina a kan zakaran baya. Wa ya ce kowane giraf mai ɗigo n haka aka gina shi? Zoben nan mai ɗigo biyar, cire masa kowane ɗigo, layi 3 za su rage, alhali zakaran ɗigo huɗu layi 4 ne da shi. Wato zoben bai fito daga zakaran ba, hujjar ɗalibin ba ta taɓa shi ba sam. Alamar gane wannan kuskure ita ce kalmar "mu ƙara". Hujjar iyaka tana farawa da babban giraf wanda ba kai ka zaɓa ba, ta cire, ta sauko kan ƙarami.

Akwai ruɗu na biyu mai kama da wannan, kuma shi ne ya sa zanenka biyu suka saɓa. Giraf na iya cika, ta yadda duk layin da ka ƙara sai ya rufe alwatika, alhali bai kai iyaka ba. Zoben biyar ya cika a 5: gwada 1–3, ga 2 na jira a tsakani; gwada 2–4, ga 3. Ko ka ɗauki ɗigo ɗaya ka haɗa shi da sauran 99, ya cika a layi 99, ba ka da ikon ƙara ko ɗaya, ga shi kuwa iyakar ɗigo ɗari 2500 ce. Saboda haka "na kasa ƙarawa" ba hujja ba ce. Da ka samu 9 ka kasa ƙarawa, ka yi dace ne zanen da ka faro shi ne zakaran.

Abin da ƙa'idar ta faɗa da inda ta tsaya

In ka juya ta, ƙa'idar na cewa duk giraf da layukansa suka wuce ⌊n²/4⌋ yana da alwatika, ko ka gan ta ko ba ka gan ta ba. Ɗigo ɗari suna iya ɗaukar layi 4950 in an haɗa kowa da kowa. Da zarar an ja 2501, magana ta ƙare. Amma ba ta ce komai a kan giraf mai layuka kaɗan ba. Ɗigo ɗari da layi uku kacal na iya zama alwatika. Ƙasa da iyaka, sai ka duba giraf ɗin da idonka.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne, in aka wuce iyaka da layi ɗaya, alwatika ba ta zuwa ita kaɗai. Ɗauki rabon 3 da 3, ka ja layi tsakanin 'yan gida ɗaya biyu. Su biyun suna da maƙwabta uku na tarayya a ɗaya gidan, don haka alwatika uku suka faɗo a lokaci guda. Hans Rademacher ya tabbatar a 1941 cewa haka abin yake ga kowane giraf: layi ⌊n²/4⌋ + 1 na tilasta alwatika aƙalla ⌊n/2⌋. Hujjojinmu biyu na sama ba su kai su nuna wannan ba, alwatika ɗaya kawai suke lamuncewa.

Kada kuma ka haɗa wannan da sanannen zancen mutum shida, cewa a cikinsu dole a samu uku da suka san juna ko uku da ba su san juna ba. Wancan babin Ramsey ne. Ƙa'idar Mantel ba ta isa ta tabbatar da shi ba: layukan ɗigo shida 15 ne, in ka raba su launi biyu, ɗaya na waɗanda suka san juna, ɗaya na waɗanda ba su san juna ba, misali 8 da 7, babu launin da ya wuce 9, Mantel bai da ta cewa. Wata dabara daban ake bi a can.

A shekarar 1941 ɗin dai, Pál Turán ɗan ƙasar Hangari ya faɗaɗa ƙa'idar. Idan abin da aka hana shi ne ɗigo r + 1 da duk suka haɗu da juna, sai a raba gida r daidaitattu, kuma layukan ba sa wuce (1 − 1/r)n²/2. Sa r = 2 ka ga n²/4 ya dawo. Sa r = 3 da ɗigo tara: gida uku, kowanne ɗigo uku, layi 27 daga cikin 36, kuma ba ɗigo huɗu da suka haɗu duka. Hujjarmu ta farko tana miƙewa har can. Ka ɗauki ɗigon da ya fi maƙwabta kamar ɗazu. Yanzu cikin gidan A akwai layuka, amma babu ɗigo r da suka haɗu duka, in ba haka ba da v sun cika r + 1. Sai ka yi indakshan a kan r a cikin A. In kana son aikin da zai gwada ko ka fahimci hujjar, wannan ne.

Sai dai kada ka ɗauka duk siffar da aka hana amsarta za ta zo da sauƙi haka. Hana zobe mai ɗigo huɗu maimakon alwatika, nan take zakaranmu ya faɗi, domin giraf mai gida biyu cike yake da irin wannan zobe: biyu daga nan, biyu daga can, sun rufe. Iyakar ma sai ta sauko ƙasa sosai, wajen rabin n√n in n ya yi girma. Ga ɗigo ɗari, ƙidayar maƙwabtan tarayya na nuna layukan ba za su wuce 523 ba, inda alwatika ta bar mu muka kai 2500, kuma giraf ɗin da ke matsowa kusa da irin wannan iyaka daga wani reshen lissafi ake gina su, ba da rabon gida biyu ba.

Game da aikin gidanka, ka rubuta shi a wannan jeri. Fara da faɗin irin giraf ɗin da kake nufi. Kawo giraf mai gida biyu, ka nuna ba shi da alwatika, ka ƙirga layukansa ga n mai rabuwa biyu da marar rabuwa. Sannan ka kawo ɗaya daga hujjojin iyaka, kana farawa da "a ɗauki kowane giraf marar alwatika mai ɗigo n". In ka zaɓi ta farko, ka rubuta a fili cewa v yana cikin B, kuma ka faɗi dalilin da ya sa ƙirga layi sau biyu bai ɓata lissafin ba, don nan ne mai dubawa zai tsaya ya ga ko ka gane ko haddacewa ka yi.